Takardar godiya ga Kawun da ya biya kuɗin makaranta

Mai neman shawara: Assalamu alaikum. Ƙanin mahaifiyata ne ya biya mini kuɗin rajistar shekarar ƙarshe a jami'a, a daidai lokacin da albashin mahaifina ya maƙale kuma ana gab da rufe rajista. Na yi masa godiya ta waya, amma ina son in rubuta masa takarda. Na fara da cewa, "Kawu, ba don kai ba da rayuwata ta lalace, kai ne uwata kai ne ubana," sai na ji hannuna ya ƙi ci gaba. Waɗanda suka taɓa rubuta irinta, yaya kuka yi?

Wani dattijo: Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ina ɓangaren masu karɓar irin wannan takarda ne, domin na biya wa 'ya'yan 'yan'uwana da dama. Ka fara da goge wannan jimla. Takarda ba ta tsayawa a hannun wanda aka rubuta wa. Matar Kawunka za ta gani, wataƙila ma ya nuna wa mahaifiyarka don ta ji daɗi, kuma ranar da maganar ta kai kunnen mahaifinka, wanda ya ɗauki nauyinka tun daga firamare, zai ji an shafe wahalarsa saboda kuɗin shekara ɗaya. Bayan haka, mu da muke bayarwa mun saba da cewa yabon da ya wuce kima share fagen roƙo ne, don haka ina karanta irinta ina laluben inda buƙatar take, godiyar kuma ta wuce ni. Wadda na adana ita ce ta wata 'yar ƙanwata, wadda ta sanar da ni cewa kuɗin sun isa, an kammala rajista, ga hoton rasit, sannan ta faɗi lokacin jarrabawa ta yi mini addu'a. Abin da ke damun mai biya shi ne ko kuɗin sun shiga inda aka ce, kuma kunya ba ta barinsa ya tambaya.

Wani ma'aikaci: Ni a ganina hanyar kare mutunci ita ce ka yi alkawarin mayar masa da kuɗinsa idan ka fara aiki. Haka na rubuta wa Baffana, kuma ban ji na ƙasƙanta ba.

Dattijon: Idan da ma rance ne, ka yi daidai, kuma ya kamata a rubuta shi a fili. Idan kuwa kyauta ce, ambaton biya yana iya zama kamar ka mayar masa da alherinsa. Alkawarin da ɗalibi yake da ikon cikawa shi ne na turo sakamako.

Wata 'yar'uwa: Ku dai kun yi sa'a. Nawa Kawun babu taron dangin da ba ya ambaton abin da ya kashe a kaina, har na ga cewa duk takardar da zan ba shi za ta zama hujjar gori ce. Na rubuta masa layi biyu kawai, kuma har yau ana cewa ban gode ba. Wai shin dole ne mutum ya yi ta godiya har ƙarshen rayuwarsa?

Wata malama: 'Yar'uwa, taki matsalar daban ce, kuma ba na jin tsawon takarda zai magance ta. Ga mai tambaya, abin da zan ƙara shi ne kada ka haɗa godiya da wata buƙata, ko da ta kuɗin littafi ce, ka bar ta sai wani lokaci. Ni da aka biya mini, na ambaci adadin kuɗin a takardar domin ya san na san nauyin abin da ya ɗauka.

Dattijon: A nan mun saɓa, Malama. Adadin yana cikin rasit, kuma rubuta shi a takardar da wasu za su karanta yana iya jawo masa maganar 'ya'yan da bai biya wa ba.

Mai neman shawara: Na gode muku. Ga yadda na sake ta: "Kawu, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina sanar da kai cewa na kammala rajista kafin a rufe, ga rasit na haɗa. Taimakonka ya zo a lokacin da muke cikin matsi, ni da Baba da Mama mun ji daɗinsa ƙwarai. Da zarar sakamako ya fito zan kawo maka da kaina. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi." Adadin kuɗin dai ban sa ba tukuna, sai na ji ra'ayin Mama, domin ta fi ni sanin halin ƙaninta.