Neman Kalmar Hausa: Zanen da Ke Nuna Sassan Inji Kowanne Daban, da Bidiyon Haɗa Su

Mai fassara, Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum, malamai. Wani wurin ƙira a nan Katsina ya ba ni fassarar littafin jagora na injin markaɗe da suke ƙerawa, kuma ranar Alhamis za a kai shi maɗaba'a. A shafi na uku akwai zanen da ke nuna sassan injin guda 23, an janye kowanne daga ɗan'uwansa, da lamba a jikinsa, ga siraran layuka suna nuna inda zai koma. Mai zanen ya yi aikin da manhajar zane ta SolidWorks, sunan umarnin a allonsa kuwa `Exploded View`. Akwai kuma gajeren bidiyo da za a tura wa masu saye ta WhatsApp, wanda ke nuna sassan suna komawa mazauninsu ɗaya bayan ɗaya. Ina neman sunan da zan ɗora a kan kowannensu. Abin da na rubuta na wucin gadi shi ne "zanen fashewa", amma hankalina bai kwanta da shi ba.

Malamar Hausa, Katsina: Wa alaikumus salam. Malam, ka soke "fashewa" tun yanzu, domin duk matar da ta sayi injin ta ga wannan kalma za ta ɗauka gargaɗi ake yi mata cewa injin yana iya fashewa. "Tarwatse" ma ba za ta yi ba, saboda abin da ya tarwatse ba shi da tsari. Shawarata ita ce "zanen sassa a warware", bidiyon kuma "zane mai motsi na harhaɗawa". Na zaɓi "harhaɗa" a kan "haɗa" ne saboda sassan suna da yawa, kuma aikin bi da bi ake yin sa.

Mai gyaran injin ban ruwa, Jibiya: Mu a bakin aiki cewa muke yi mun kwance inji, in mun gama mu ɗaura shi. Me zai hana a ce "zanen inji a kwance"? Kowane yaron shago zai gane.

Malamar Hausa: A baki zai gane, Malam. A rubuce kuwa "a kwance" ɗin kwancewa da "a kwance" ɗin kwanciya kamarsu ɗaya, sai mai karatu ya zaci an zana injin ne an kwantar da shi a ƙasa.

Dattijo, Daura: 'Ya'yana, kuna ta kewaye alhali kalmar tana hannunmu tun kaka da kakanni. Sunan wannan abu "fiɗa". Mahauci yana fiɗa, likita yana fiɗa, manazarta suna fiɗar waƙa, wato a buɗe abu a ga abin da ke cikinsa. "Zanen fiɗar inji", an gama magana. Sannan ina roƙon a raba mu da "bidiyo" da "boris" da "puli" da suka cika littattafan yanzu, kamar Hausa ba ta da baki.

Ɗalibin zanen fasaha, Kwalejin Hassan Usman Katsina: Na goyi bayan Baba. An koya mana irin wannan zane, inda ake ɗauka an yanka inji gida biyu, a ja layukan karkace a wurin da yankan ya bi. Fiɗa ta dace da shi sosai. Game da bidiyon kuwa, ba wani aiki ba ne, ana danna `Animate collapse` ne kawai, kwamfuta ta mayar da sassan da kanta.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Ƙanena, zanen da ka kwatanta daban ne, sunansa a allo `Section View`, kuma kai da kanka ka nuna dalilin da ya sa ya kamata a ajiye masa "fiɗa". A can ana yanka ƙarfe ne don a ga kaurinsa da ramukan cikinsa. A zanen da ake tambaya a kai ba a yanka komai. Kowane sashe cikakke yake, an dai zare shi ne a kan layin da yake shiga. Littafi ɗaya yakan ɗauki duka biyun, don haka ba za su ci suna ɗaya ba.

Bari in faɗi yadda ake yin sa, domin sunan ya fito daga aikin. Ana fara da injin a haɗe cikin kwamfuta, a juya shi yadda za a ga fuska uku a lokaci guda, layukan tsawo da faɗi suna tashi da digiri 30 daga kwance. Daga nan a riƙa janye sassa, kowanne a kan hanya ɗaya tak, wadda ita ce hanyar da hannu zai bi ya cire shi. Noti yana fita a kan layin ƙusarsa, murfi yana fita ta gaba, mazubin hatsi yana tashi sama. Ba a karkata sashe don a sami fili a takarda. In fili ya ƙare, sai a lanƙwasa siririn layin da ke bin sa, ko a ware wa wannan rukuni nasa zanen. Ƙusoshi huɗu iri ɗaya lamba ɗaya suke ɗauka, a rubuta adadinsu a jadawalin sassa. Abin ya yi kama da makanikin kirki da ke jera abin da ya kwance a kan buhu bisa yadda ya cire su. Saboda haka kalmar da za a zaɓa dole ta ɗauki rabuwa tare da tsari, kuma "a warware" ɗin Malama ta fi kusa.

Dattijo: Injiniya, da girmamawa, "warware" ta zare ce da rawani da matsala. Ni ban taɓa jin an warware ƙarfe ba. Kuma na lura duk lokacin da kalma ta fito daga Daura, sai a ce a jira a ji abin da Kano za ta ce, alhali kowa ya san inda tushen Hausa Bakwai yake.

Malamar Hausa: Baba, Allah ya ƙara girma, babu Bakano ko ɗaya a cikin wannan zance. Gaskiya ne an gina daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano, amma "fiɗa" da "warware" duka kowane kari yana da su. Ina kuma jin "ware" a cikin "warware", wato a raba abu da 'yan'uwansa, shi ya sa na ga ta dace da ƙarfe. In kunnenka ya ƙi ta, akwai "a rarrabe".

Mai gyaran injin ban ruwa: Ni dai ina roƙon a bar mana "boris" da "puli". In aka sauya musu suna, mai injin zai je kasuwa da littafin a hannu, mai sayar da kaya ya ce ba shi da abin da ake nema. Na taɓa karɓar takardar wani famfo da aka fassara duk sassansa zuwa Hausa tsantsa, sai da na koma ga lambobin zanen kafin na gane abin da ake nufi.

Dattijo: To a ce "majigin haɗa inji", ko banza tamu ce.

Malamar Hausa: "Majigi" ma aro ce daga Turanci, Baba, tsufa kawai ta yi a bakinmu.

Injiniya: Ina so in koma kan maganar ɗalibinmu, domin a nan ne littafin zai iya cutar da mai saye, kuma ya shafi sunan bidiyon. Gaskiya ne `Animate collapse` tana mayar da sassan, amma ba ta san yadda ake haɗa inji ba. Matakan da mai zane ya bi wajen janye sassa take maimaitawa daga na ƙarshe zuwa na farko. In ya janye su ne bisa abin da ya yi masa kyau a ido, bidiyon zai koyar da tsarin da hannu ba zai iya bi ba.

Malam mai fassara ya turo mini zanen, ga abin da na gani. Sandar injin kaurinta milimita 25 ne, tana zaune a kan boris biyu masu lamba UCP 205, wato ƙarafan da take juyawa a cikinsu, puli, wato faifan da bel ke ja, kuma yana tsakaninsu. Ga tsarin da ya dace: a sa ɗan makullin ƙarfe a cikin tsagin sandar, a zura puli a kansa, a rataya bel, sannan a zura boris ta kowane gefe, a ɗaure su a jikin firam. A bidiyon da aka yi kuwa boris biyun ne suka fara zama, sai ga puli ya taho ya ratsa ta cikin ɗayansu kamar ba ƙarfe ba. Hanyar gane wannan kuskure ita ce a rage gudun bidiyon a duba ko akwai sashen da ke bi ta cikin wani. Gyaransa kuma ba a bidiyon yake ba, sai an koma jerin matakan an sake musu tsari, ta yadda abin da ake sawa a ƙarshe shi za a fara janyewa. Yana da kyau a yi zane biyu, ɗaya na takarda, ɗaya na bidiyo, domin abin da ya dace da shafi ba lallai ya dace da motsi ba.

Akwai kuma abin da zane da bidiyo duka ba sa faɗa. Ba sa nuna cewa ƙananan ƙusoshi biyu na jikin kowane boris ba a ɗaure su sai an daidaita puli da na motar da ke juya injin, ba sa kuma nuna cewa faifan niƙa biyu haƙoransu ne ke fuskantar juna, sai in an matso da hoton an tsayar da shi na daƙiƙa biyu ko uku. Waɗannan sai an rubuta su da kalmomi.

Ɗalibi: Na gane bambancin zanen biyu, Yallaɓai, amma har yanzu ina ganin "zane mai motsi" zai sa mutane su zaci katun ne na yara.

Mai fassara: Na gode, malamai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan kai maɗaba'a. Shafi na uku zai ɗauki "Zanen sassa a warware", da jimla ɗaya a ƙarƙashinsa mai cewa lambobin na gane sassa ne, ba su ne tsarin haɗawa ba. Zanen da ke nuna injin a yanke a shafi na biyar zan kira shi "Zanen fiɗa", kamar yadda Baba ya kawo. Ɗaya abin kuma "Bidiyon harhaɗa inji", tunda ta waya za a kalle shi kuma haka masu saye za su kira shi. Na mayar wa mai zanen maganar puli, ya ce zai sake jera matakan kafin Laraba. Saura siraran layukan nan masu nuna inda sashe zai koma, waɗanda ake ja da `Explode Line Sketch`. Na rubuta "layin jagora", amma kalmar tana karo da sunan littafin kansa.

Mai gyaran injin ban ruwa: "Layin saiti" muke cewa.

Dattijo: "Saiti" ma ba tamu ba ce. Na karɓi shafi na biyar, amma ban janye maganata a kan na uku ba, kuma in za a sake buga littafin ina so a dawo da ita. Layin kuwa a ce masa "layin mazauni".

Malamar Hausa: "Mazauni" wurin zaman ne, layin kuwa hanyar zuwa wurin yake nunawa. Malam, ka sa "layin saiti" a wannan bugu, ka tambayi masu haɗa injin a wurin ƙirar ko sun gane shi kafin Alhamis.