Wayar Baba ta ƙi jin sunan Ɗanladi

Ɗan Ringim: Salamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina yanar ido ta sa ba ya iya karanta sunaye a waya, ga shi ba ya son ya riƙa kiran jikoki su danna masa, balle yana fadama shi kaɗai. Na sayo masa Android, na koya masa cewa "call" da suna. Musa yana shiga, amma Ɗanladi mai injin ban ruwa sam. Sau uku ina sa shi ya sake Voice Match. Jibi zan koma Kano, hankalina bai kwanta ba.

Mai Gyaran Waya, Gumel: Wa'alaikumus salam. Ko sau ɗari ya yi "Retrain voice model" ba zai gyaru ba, malam. Wannan muryarsa kawai yake koya wa wayar, ta gane shi ne idan ya ce "Hey Google". Babu ruwansa da sunaye. Ka buɗe wurin rubuta saƙo, ka danna makirfon allon rubutu, Baba ya faɗi Ɗanladi sau uku, ka duba abin da ta rubuta. A ce ta rubuta "Dan lady" duka ukun: sai ka shiga Contacts, ka buɗe Ɗanladi, ka sa "Dan lady" a Nickname. Abin da kunnenta ke ji shi za ka ba ta. In kowane karo daban take rubutawa, sunan ba zai zauna ba, ka ba shi laƙabi mai sauƙi kamar "Engine".

Maman Khalifa: Ni tawa kullum na ce Fatima sai ta nemo wani abu daban, na gaji na bari. Ranar nan ina tuka tuwo ta kira mini surukata.

Malamin Firamare: Ai Google ta sa Hausa tun 2024. Ka mayar da ita Hausa kawai.

Mai Gyaran Waya, Gumel: An sa, amma a rubutu da murya na Gboard, wato allon rubutun Google, da binciken murya. Kiran mutum wani sashe ne. Gara ya zaɓi English (Nigeria) maimakon na Amurka. Ɗan Ringim, yaya ka ajiye sunan?

Ɗan Ringim: "Alh. Ɗanladi mai inji 2". Haka yake a tsohuwar wayarsa, ban so na taɓa masa ba.

Mai Gyaran Waya, Gumel: To ga matsalar. Ɗ mai lanƙwasa, ga "Alh.", ga 2.

Ɗan Ringim: Amma Baba ba zai kira dattijo ɗan uwansa "Engine" a gaban mutane ba, wallahi na san shi.

Maman Khalifa: Ka saya masa ƙaramar mai madanni, ka sa Alhajin a lamba 2, ya danna ya riƙe.

Ɗan Ringim: Hajiya, akuya na sayar na sayi wannan fa.