"Ba komai" ɗin nan, yarda ce ko kara?

Ma'aikacin sashen kuɗi, daga Kano:

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da kama aikina, kuma akwai wata abokiyar aiki a ofishinmu da ƙwarewarta take burge ni, musamman yadda take daidaita lissafin ƙarshen wata ba tare da hayaniya ba. Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ina son in koyi wannan aiki a wurinta, amma abin da yake taka mini burki shi ne mutanenmu ba sa cewa a'a gatsal. Idan na tare ta da magana, na san za ta ce "ba komai" ko da na takura mata. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, ta yaya kuka fara, kuma ta yaya kuka gane cewa an yi na'am da ku ne, ko kuwa kara kawai ake yi muku?

Wani magidanci, daga Gusau:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, idan da gaske kake, ka nemi gidansu ka tura manya. Ni haka na yi, ban tsaya zance a wurin aiki ba, ga shi yanzu 'ya'yanmu uku.

Mai buɗe zancen:

Allah ya ƙara danƙon zumunci, Yaya, amma ni ba maganar aure nake yi ba, domin matar aure ce ma. Wannan ne ya sa nake ƙara taka-tsantsan.

Malamar jinya, daga Katsina:

Bari in faɗa maka yadda abin yake ga wadda ake tarewa, tun da ni an sha tare ni. A shekarata ta biyu a wurin aiki, wani ɗan'uwa ya ciro lambata daga zauren WhatsApp na ma'aikata, ya turo mini saƙo wajen ƙarfe goma na dare, wai ya daɗe yana lura da ni, halina yana burge shi. Na yi imani ba mugun nufi ne da shi ba. Amma kalmar "na daɗe ina lura da ke" ta hana ni sukuni mako guda, har na riƙa tunanin ko tafiyata da cin abincina ma ana ƙirga mini. Na amsa masa da "na gode" saboda gobe da safe za mu haɗu a ɗakin marasa lafiya, shi kuwa ya ɗauka ƙofa ce na buɗe.

Wanda muka saba da shi har yau, wani ne da ya same ni a teburin ma'aikata, da rana, ga mutane suna kai-kawo. Ya gaishe ni, ya ce ya ga yadda nake samun jijiyar ƙananan yara idan za a sa musu ruwa, ko zan nuna masa duk ranar da na samu sarari. Bai zauna ba, bai jira in sa masa rana ba, ya yi gaba. Abin da ya yaba aikin hannuna ne, kuma ya bar mini zaɓi. Bayan kwana biyu ni da kaina na kira shi.

Ɗalibi, daga Samaru, Zariya:

Ni ina ganin saƙon waya ya fi sauƙi, domin mutum yana iya amsawa lokacin da ya ga dama, ko ya yi shiru, babu haɗa ido balle a ji kunya. Haka na fara da wanda ya fi kowa iya lissafi a ajinmu, kuma yanzu tare muke karatu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim.

Malamar jinya:

Ɗana, kai namiji ne ka rubuta wa namiji ɗan ajinku. Matar aure kuwa, saƙon baƙuwar lamba a wayarta yana iya zama abin da za ta yi wa mijinta bayani a kansa. Waya tana da kyau bayan ita ce ta ba ka lambar da hannunta.

Tsohon ma'aikacin gwamnati, daga Kaduna:

Na yi shekara 35 a aiki kafin in yi ritaya, kuma wannan tambaya taka ta kara ita ce gaskiyar lamarin. Bakin Bahaushe ba zai gaya maka ba, don haka sai ka dubi wasu abubuwa. Wanda ya yi na'am da kai yakan ƙara wani abu daga wurinsa: ya mayar maka da tambaya, ko ya ajiye biro ya juyo, ko ya sa maka lokaci da kansa, ya ce ka zo bayan azahar. Mai yi maka kara kuwa amsarsa daidai tsawon tambayarka take. Za ka ji "to", "haka ne", "sai na duba", murmushi yana nan amma ido yana kan takarda ko kan ƙofa. Ka lura kuma da washegari, domin a nan ne gaskiya take fitowa. Idan gaisuwarta ta gajarce fiye da da, ko ta fara shigowa tare da wata, ka wuce gona da iri.

Na ɗauki ma'auni daga hadisin Abu Musa al-Ash'ari da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa neman izinin shiga gida sau uku ne, idan ba a ba ka ba sai ka koma. Hadisin a kan ƙofar gida yake, amma ni na riƙe shi a kan lokacin mutane ma, har nakan rage zuwa biyu idan mace ce ko kuma wanda yake ƙarƙashina, tun da wanda kake sa hannu a takardar hutunsa ba shi da bakin ƙin ka.

Game da kai, ka ɗauki abu guda na gaske, misali bambancin da ya ƙi fita tsakanin littafin kuɗinku da takardar banki. Kada ka je mata a kwanakin rufe lissafi, lokacin kanta ya ɗau zafi. Ka bari a shiga sabon wata, ka tsaya daga gefen tebur inda kowa yake ganinku, ka kira ta Hajiya ko Malama kamar yadda sauran suke kiran ta, ka gaisa gaisuwa cikakkiya, sannan ka ce kana da tambaya ta minti biyu, idan kuma tana cikin aiki ka dawo wani lokaci. Ta amsa maka, ka yi godiya ka tafi, ko da hirar ta fara daɗi.

Malamar makaranta, daga Maradi:

Baba, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, sai dai alamomin nan ba sa aiki ga kowa. Ni mai nauyin baki ce tun ina yarinya. Ko wanda nake girmamawa ƙwarai ya yi mini magana, kaina a ƙasa yake, amsata kuma kalma biyu ce. Wata abokiyar aikina ta taɓa janye jiki daga gare ni shekara guda tana zaton ba na son ta, alhali kullum ina fatan ta sake zuwa.

Tsohon ma'aikacin gwamnati:

Gaskiyarki, 'yata. Sai dai ita mace ce 'yar'uwarki, da ta sake gwadawa babu abin da zai ɓaci. Shi kuwa wannan yaro, idan ya yi kuskure ya ja baya, ilimi kaɗan ya rasa, amma idan ya yi kuskure ya matsa, sunanta ne zai shiga bakin 'yan tsegumi.

Mai buɗe zancen:

Na gode muku ƙwarai. Jiya Talata na je mata da maganar cajin banki da ya hana lissafina daidaita, ta nuna mini wurin cikin minti uku, sannan ta ce akwai wani tsohon fayil da zai taimake ni, za ta duba mini. Yau mun gaisa kamar kullum, ba ta ambaci fayil ɗin ba, ni ma ban tuna mata ba.