Gwajin Hill da ganyen alayyafo: shuɗin ya ƙi gushewa

Malama Hadiza: Makon jiya na yi gwajin Hill da ɗalibaina, wato gwajin da ke nuna yadda haske ke sa ilektiron tafiya a cikin ganye, amma bai yi ba. Mun daka alayyafo a turmi da ruwan sukari, muka tace da ƙyalle, muka ɗiga DCPIP, shuɗin rinin nan da launinsa ke gushewa idan ya karɓi ilektiron, muka sa kwalba ɗaya gaban fitila, ɗaya kuma cikin duhu. Bayan minti 20 duka biyun shuɗinsu yana nan daram. Wa ya taɓa gamuwa da haka?

Malam Bashir: Malama, ya taɓa faruwa da ni a watan Afrilu, kuma zafi ne sila. Idan haske ya bugi P680, wato kulorofil ɗin da ke farkon hanyar ilektiron, ilektiron yakan fice, sai a cike gurbinsa ta hanyar fasa ruwa, inda ƙwayar ruwa biyu ke ba da ilektiron huɗu da furoton huɗu da iskar O₂ ɗaya. Sashen da ke fasa ruwan yana saurin lalacewa da zafi, kuma idan ya mutu babu ilektiron ɗin da DCPIP zai tare a hanya kafin ya kai P700, kulorofil na gaba, da NADP⁺ mai karɓarsa a ƙarshe. Tun daga lokacin nake ɗora turmin kan ƙanƙara, ina sa kwanon ruwa tsakanin fitila da kwalba, launin kuwa yakan kau cikin 'yan mintoci.

Usman: Namu a makaranta ya yi, kuma na ɗauka gushewar shuɗin shaida ce cewa an samar da ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi.

Malam Bashir: Usman, shaida ce cewa ilektiron yana tafiya kawai. ATP yana samuwa ne idan furoton ya taru cikin tilakoyid, 'yan jakunkunan da ke ɗauke da kulorofil, sannan ya fito ta injin da ke haɗa ADP da fosfet. Na taɓa ƙara gishirin amoniya: shuɗin ya gushe da sauri fiye da da, alhali amoniya tana rusa taron furoton ɗin, ATP ya ragu. A 1966 André Jagendorf ya jiƙa tilakoyid a pH 4, ya mayar da shi pH 8, ya sami ATP cikin duhu.

Malama Rabi: Ni akasin haka na gani da zogale, domin har kwalbar duhu ta yi fari nan take. Daga baya na gane bitamin C na ganyen ne ya kawar da launin, ba haske ba.

Malama Hadiza: Malam Bashir, ban sa ƙanƙara ba, gaskiya ne, amma da sassafe muka yi, ɗakin da sanyinsa. Ganyen dai na kasuwa ne da ya kwana ya yi yaushi, kuma ina zargin na cika DCPIP. Ranar Talata zan tsinko sabon ganye, in gwada da ƙanƙara da kuma ba ƙanƙara.