Me za mu kira mai riƙe lokacin tambayoyi?

Mai shirya taro: Jama'a barkanmu. Ina rubuta jadawalin bitar manoma kan ajiyar wake, an ba mai jawabi minti 45. Wanda zai zauna kusa da shi ya zaɓi mai tambaya, ya tsayar da wanda ya zarce, shi ne 'yan boko ke kira modareta. Me zan sa da Hausa? Na rubuta shugaban taro na goge, don akwai hakimi da aka riga aka ba wannan kujera.

Ɗalibi: Sanƙira mana. Ko ka ce mai gabatarwa.

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo: Ɗana, sanƙira shela yake yi, ba shi da ikon cewa wani ya zauna. Mai gabatarwa kuma aikinsa ya ƙare da zarar ya miƙa makirufo. Wannan mutumin abu uku ke hannunsa: agogo, zaɓen wanda zai yi magana, da ikon katsewa. Ni jagoran zama nake cewa. Amma Malam, kafin suna, kun zauna da shi da mai jawabin kuwa? A minti 45, a ba jawabi 30, tambayoyi 15. In tambaya ta ci minti ɗaya, amsa ta ci biyu, mutum biyar kaɗai za su samu. A faɗa wa jama'a haka tun a buɗe zama, kada na shida ya ga kamar an ware shi.

Mai shirya taro: Hajiya, ba mu zauna ba tukuna. Mai jawabin ya ce a riƙa tsayar da shi duk inda aka ga dama.

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo: To ku raba tambayar gida biyu. Akwai ta neman bayani, kamar yana nuna buhu mai leda biyu a ciki, wani ya ce kowace leda ake ɗaurewa daban ko haɗawa ake yi. Wannan a amsa nan take, don wanda bai gane ba a nan ya ɓace ke nan har ƙarshe. Akwai kuma ta ja, kamar wani ya ce shi magani ya fi masa buhun. Wannan ta jira ƙarshe. Jagoran ne zai rarrabe, shi zai ce “Alhaji, riƙe mana wannan, kai ne na farko in an gama.” Kuma lallai ya cika alkawari. Ya kuma tanadi tambaya ɗaya tasa, saboda shirun da kan biyo bayan jawabi.

Wani daga Maraɗi: Mu nan alƙalin zama na fi ji ya dace, tunda hukunci yake yankewa.

Malamin Islamiyya: Alƙali ya yi a muhawara, inda ɓangare biyu ke ja. A bita babu mai ƙara. Ku dubi wajen tafsirin azumi: a takarda ake rubuto tambaya, wani ya tace kafin ta kai ga malam. Wadda ta fita daga batun ba ta ma isa.

Mai shirya taro: Allah gafarta Malam, da yawa cikin manoman ba sa rubutun boko, dole sai da baki. To ita tambayar da ta fita daga batu, wane suna za a ba ta?

Ɗalibi: Wadda ta saki layi.

Malamin Islamiyya: A tsakaninku masu shiri ya yi. Amma ka ce wa dattijo a bainar jama'a ya saki layi, ka ci masa fuska, don ana faɗar haka ga mai tabin hankali ma.

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo: Gaskiya ne. A jadawali ka rubuta tambayar gefe. Kuma na san za a yi ta: ana maganar ajiyar wake, wani zai tashi ya tambayi tsadar taki. Kada mai jawabi ya ƙi ta da bakinsa, sai a ce gudu yake yi. Jagoran ya karɓe, ya ce “Baba, maganar taki babba ce, amma yau a kan ajiya muke, malamin gona yana nan bayan an tashi.” Sai ya kira na gaba nan take, kada ya bar sarari. In kuma mutum ya miƙe yana wani jawabin nasa, bayan minti ɗaya a ce “Baba, mece ce tambayar?”

Wani daga Maraɗi: In hakimin ne da kansa ya ɗauko maganar takin fa? Jagoranku zai katse shi?

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo: Ba a katse shi. Shi ya sa ake ba shi jawabin rufewa, a kuma sanar da shi tun kafin a fara.

Mai shirya taro: Na sa jagoran zama da tambayar gefe. Gobe zan haɗa jagoran da mai jawabin mu tsara.

Wani daga Maraɗi: Ni dai ina kan alƙalina. Jagora gaba yake shiga, wannan kuwa tsakiya yake tsayawa.