Suna a ƙarƙashin hoto: malamar ta yi gaskiya ko ta wuce gona da iri?

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum iyaye. Yarinyata ta dawo tana cewa malamarsu ta tsaya a asambuli yau ta ce rubuta sunan mutum a hoton da aka ɗora ya fi ɗora hoton kansa haɗari, wai ko hoton walimar kammala makaranta kada su yi wa kowa tag. Haka ne, ko tsoratarwa ce kawai?

Kawu na Rigasa: Tsoratarwa ce, Hajiya. Wanda ya san fuskarka ai ya san sunanka. Mu a zamaninmu bayan hoto muke juyawa mu jera sunayen 'yan aji da biro, ba wanda ya mutu.

Mai gyaran waya, Kasuwar Barci: Kawu, hoton naku a cikin akwati yake kwana. Kuma wanda ya san fuskar ba shi ne abin tsoro ba, wanda bai sani ba ne. Fuska kaɗai ba a iya rubuta ta a wurin bincike na Facebook, suna kuwa ana rubutawa. Su kansu Facebook sun rufe tsarinsu na gane fuska mai kawo sunan mutum a hoto a ƙarshen 2021, to yanzu yara ne ke yi musu aikin da hannu.

Ga abin da yawanci ba a lura da shi. A ce 'yarki ta ɗora hoto ta sa shi a Friends, tana ganin ƙawayenta kaɗai za su gani. Da ta yi wa mutum biyar tag, sai abokan waɗannan biyar ɗin su ma su shiga cikin masu gani, sai fa in ta je ta cire wannan zaɓin da kanta. In ɗaya daga cikinsu irin mai karɓar kowa ce, tana da abokai 3,000 da ba ta san rabinsu ba, shi ke nan hoto ya fita unguwa. Mutum ya danna sunan, ya faɗa shafin yarinya, ya ga bajon makaranta a rigarta, ya ga wanda take kira Abba a kwament.

Baban Kawo: Wallahi abin da ya same ni ke nan bara. Ina shago da azahar aka kira ni, mutum ya faɗi cikakken sunan ɗana, ajinsu, har da sunan abokinsa da suke zama benci ɗaya. Wai Keke Napep ya buge shi, suna asibiti, in turo kuɗin jini yanzu-yanzu. Hannuna na rawa na buɗe manhajar banki, sai maƙwabcina ya ce in fara kiran makaranta. Yaro yana aji yana rubuta jarrabawa. Da na bi diddigi, duk abin da mutumin ya faɗa yana ƙarƙashin hoto guda na ranar wasannin makaranta. Lambata kuma tana kan shafina saboda kasuwanci.

Kawu na Rigasa: Allah ya kiyaye gaba. Amma ka tabbata daga hoton ne? Wani na kusa ma zai iya ba da wannan bayani.

Baban Kawo: Ban kama shi ba balle in tambaye shi, Kawu.

Anti Barnawa: Shi ya sa ake sace ɗalibai. Ku tuna Kuriga a watan Maris na 2024.

Tsohon Hedimasta: A'a Anti, kada mu haɗa. Waɗancan makaranta suka afka wa da bindigogi, ba suna suka nema a waya ba. In muka cika wa yara kunne da abin da ba haka ba, gaskiyar ma za su daina ji. Ni inda nake ganin malamar ta rage shi ne, ta yi wa yara faɗa ta bar makarantu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce bayanan wanda bai kai 18 ba sai da yardar iyaye. Ta fi hawa kan makaranta da ke ɗora "ɗalibarmu da ta zo ta ɗaya" da cikakken suna, fiye da yaro mai ɗora hoton abokinsa.

Anti Barnawa: To ai da sauƙi, yaro ya cire tag ɗin kawai.

Mai gyaran waya: Rabin magani ne, Anti. Remove tag yana yanke hanyar zuwa shafinsa, amma hoton yana nan wurin wanda ya ɗora. In kuma da hannu aka rubuta sunan a bayanin hoto, ba maɓallin da zai goge shi sai mai hoton. Ku shiga Settings, sai Profile and tagging, ku kunna duba tag kafin ya hau shafi. Shi ma shafin yaron kaɗai yake tsarewa.

Maman 'Yan Biyu: To na WhatsApp fa? Can suna rubuta suna a status.

Mai gyaran waya: Awa 24 ya ɓace, in ba wanda ya riga ya ɗauki hoton allo.

Kawu na Rigasa: Ni dai har yanzu ban yarda suna ya fi hoto ba. Jikata ta ci gasar karatun Alƙur'ani, in ɗora ta ba suna, wa zai san tawa ce?

Tsohon Hedimasta: Rubuta "jikata", Alhaji. Masu yi maka barka sun san wacce.

Kawu na Rigasa: Jikokin nawa mata goma sha ɗaya ne, Malam.