Idan YouTube ya sauke bidiyon wa'azi

Shawarar da aka fi nanatawa a wata tattaunawa kan wannan matsalar ita ce kada ka goge bidiyon. Gogewa ba ta ɗage gargaɗin da YouTube ya yi maka, kuma tana iya rufe maka ƙofar ɗaukaka ƙara. Kada kuma ka sake ɗora shi.

Wani malami ya karanto maganar 'yan ta'adda don ya warware ta, sai na'urar YouTube ta ɗauka da'awarsa ce, aka sauke bidiyon. An ce masa, wajen ɗaukaka ƙara, ya rubuta minti da daƙiƙar wurin, ya fassara jimlar, ya nuna inda raddin ya fara, domin mai dubawa ba lallai ya ji harshen ba. Dama ɗaya ake bayarwa, shi ya sa nake ganin rubutu cikin fushi asara ce.

Idan talla kawai aka cire, alamar dala ta koma rawaya, nemi YouTube ya sa mutum ya duba.